Waiwaye: Yadda binciken haɗarin wurin aiki ya koma wuyan manaja

Har yau ana ta jayayya a kan ko takardar shaidar ISO 45001, ma'aunin ƙasa da ƙasa na kula da lafiya da tsaron ma'aikata, tana kare ma'aikaci, ko kuwa tara fayil ne kawai. Sabon manaja zai ɗauka rigimar ta fara ne a 2018, shekarar da ma'aunin ya fito, alhali ta girmi ma'aunin nesa ba kusa ba.

Zagayen da ma'aunin ya hau kansa, wato a tsara, a aiwatar, a duba, a gyara, daga harkar ingancin kaya ya fito. Masanin ƙididdiga Walter Shewhart ya zana asalinsa a 1939, takwaransa Edwards Deming ya koyar da shi a Japan a 1950, masana'antun can suka ba shi matakai huɗu.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne rahoton 1972 na kwamitin Robens, wanda ya duba dokokin lafiya da tsaro a wurin aiki a Birtaniya. Kwamitin ya tarar da ƙa'idoji kusan 500, kowace tana fayyace abu guda, kamar irin murfin da za a sa wa inji. Mai masana'anta sai ya zauna jiran sufeto ya zo ya nuna masa laifinsa. Kwamitin ya ce dokar ta yi yawa, kuma wanda ya jawo haɗari da wanda ke aiki a cikinsa su ya fi kamata su magance shi. A kan haka aka gina dokar lafiya da tsaro a wurin aiki ta 1974. Tun daga nan doka ta rage faɗin yadda za a yi, ta bar wa mai wuri ya gano haɗarinsa, ya kuma nuna cewa maganin da ya sa yana ci. A ganina nan gizo ke saƙar: an damƙa wa manaja aikin duba kansa, shi kuwa ƙirga takardu ya fi auna haɗari sauƙi.

Ga yadda zagayen yake a aikace: a ce injin niƙa yana ƙarar desibel 91, wato awon ƙarfin sauti. A ƙa'idar Birtaniya, in ƙara ta kai 85 a sa'o'i takwas dole a ɗauki mataki, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, don haka sa'o'i biyu kusa da injin sun cika awon yini. Sai ka tsara saukar da ƙarar ƙasa da 85, ka killace injin da bangon da ke shanye sauti. Wajen dubawa ake zamewa. Rajistar da ta nuna an raba abin toshe kunne ba ta gaya maka komai game da ƙarar ba. Ka koma da na'urar awo inda ma'aikacin ke tsayawa, lokacin da injin ke cin hatsi. In ka sami 88, ƙila ka tarar ana barin ƙofar killacen a buɗe saboda zafi. Gyaran shi ne a shigar da iska, a sake awo, a kuma sa iyakar ƙara cikin sharuɗɗan sayen inji na gaba.