Kwas ɗin intanet mai alƙawarin aiki: me za a duba kafin a biya?

Na ga tallar kwas ɗin nazarin bayanai na mako shida a kan naira dubu 80, wai aiki tabbas ne in an gama. In biya?

Dakata tukuna. Makaranta darasi kawai take da iko a kai, ɗaukar ma'aikaci kuwa yana hannun mai kamfani. Ka nemi su ba ka alƙawarin a rubuce: wane irin aiki, albashi nawa, cikin wata nawa, kuma nawa za su mayar maka in aikin bai samu ba. A nan dabarar take ɓuya. Wasu abin da suke kira aiki shi ne zaman koyo na wata uku ba albashi a ofishinsu, ko su sa ka jawo sababbin ɗalibai su ba ka kamasho. Wasu kuma sai su gindaya sharaɗin da da wuya a cika shi, kamar kada ka rasa darasi ko ɗaya, don su samu hujjar riƙe kuɗinka. Mako shida zai iya koya maka tushen Excel da ɗan SQL, yaren ciro bayanai daga rumbun kwamfuta, amma bai isa ya mai da sabon shiga ƙwararre ba.

Sun nuna mini takardar rajistar CAC. Bai wadatar ba?

A'a. Rajistar tana nuna cewa kasuwancin yana da suna a hukumance ne kurum, hukumar ba ta duba ingancin koyarwa. Duk da haka ka sa lambar rajistar, wato RC ko BN ɗin, a shafin bincike na CAC, ka ga ko sunan ya yi daidai da na asusun da aka ce ka tura kuɗi. In asusun na wani mutum ne, ka ja da baya. Idan difloma suke iƙirarin bayarwa, sai sunansu ya fito a jerin NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha da hedikwatarta ke Kaduna. Digiri kuwa hurumin NUC ne, hukumar kula da jami'o'i, wadda takan fitar da sunayen jami'o'in bogi.

Ta yaya zan gane satifiket mai amfani?

Shi ne wanda mai ɗaukar aiki zai iya tantancewa ba tare da ya kira makarantar ba. Na Coursera, dandalin kwasa-kwasai na intanet, yana ɗauke da adireshin tantancewa. Na Cisco da CompTIA ba a samun su sai an ci jarrabawa mai sa ido ta kamfanin shirya jarrabawa na Pearson VUE, don haka cibiyar da ta ce za ta ba ka satifiket ɗin CCNA na Cisco don ka halarci ajinta kawai, takardar halarta take sayar maka. Sannan ka nemo tsofaffin ɗalibai biyu ko uku da kanka a LinkedIn, ban da waɗanda makarantar ta zaɓo maka, ka tambaye su inda suke aiki yanzu da yadda suka same shi.