Jikin firiza ta yana zafi, ko ta lalace ne?

Oga, na taɓa gefen firiza ta kwance na ji zafi, ta lalace ne?

A'a. Aiki take yi. Wannan tambayar na amsa ta har na gaji wallahi.

To me ke kawo zafin?

Leƙa bayan tsohon firji, za ka ga baƙin ragar ƙarfen nan mai zafi, kondensa kenan. Yawancin firizar kwance ba ta da shi a waje, bututun an manna shi ne a ƙarƙashin farin kwanon jikinta. Kwamfiresa, wato injin firizar, na matse gas, gas ya yi zafi, ya bi bututun nan, kwanon ya saki zafin a ɗaki. Zafin da aka zuƙo daga naman da ke ciki ne, haɗe da na kwamfiresar kanta, shi kake ji a hannunka. Shi ya sa wani gefe ya fi wani zafi, inda gas ya fara bi ya fi.

Na rufa mata zani saboda ƙura, ba laifi ko?

Hajiya don Allah ki cire. Kin toshe mata hanyar numfashi. Murfi kaɗai za ki iya shimfiɗa wa abu, amma gefe da baya a bar su fili, a janye ta daga bango kamar santimita 10, faɗin tafin hannu. Kuma masu huda jikinta da ƙusa ko diril don saka kwaɗo, ku daina! Bututu na nan ƙasan kwano, ka huda shi gas ya tafi, kuma sababbin da yawa gas ɗin R600a ne a ciki, yana kama wuta.

Ina sayar da fiya wata mai ƙanƙara. Jikin ya yi zafi sosai kuma injin ba ya tsayawa. Ya zan gane zafin ya wuce ƙima?

To nan sai a hankali, don ba zan yanke hukunci ban ga firizar ba. Fara da abin da ka zuba mata. Baag ɗaya leda 20 ce, lita 10 kenan, in ka loda biyar ka saka mata kilo 50 na ruwa mai ɗumi. Duba takardarta ko lakabin da ke jikinta, sau da yawa akwai lamba da `kg/24h`, wato nauyin da za ta iya daskarar da shi a kwana ɗaya, a firizar gida matsakaiciya abin kan tsaya wajen kilo 10 zuwa 20. Ka ga kilo 50 aikin kwana biyu da rabi zuwa biyar ne, in ma wuta ta zauna, kuma duk tsawon lokacin kwamfiresa ba za ta huta ba, jiki kuwa dole ya yi ta zafi, balle a watan Afrilu a shagon kwano da rana ta raba. Wannan ba lalacewa ba ce, lodi ne ya yi yawa.

Gwajin da nake sa mutane su yi: a rage kaya, a bar murfi a rufe dare guda. Da asuba ɗora tafin hannu. In kana iya barin hannun, injin na tsayawa ya sake tashi, jikin na hucewa in ya tsaya, to lafiya lau. In kuwa babu kaya sosai amma har yanzu ba ta tsayawa, duba robar murfi. Saka takarda ka rufe ka ja, in ta zare ba tare da ta riƙe ba, iska mai zafi na shiga ta nan. Duba kuma ƙanƙarar bangon ciki, in ta kai kaurin yatsa a kashe ta narke da kanta, ban da wuƙa. In duk wannan lafiya, zai iya zama tamostat ne, abin da ke tsayar da injin in sanyi ya kai, ko kuma wanda ya yi maka ƙarin gas ya cika da yawa, na sha ganin haka, amma wannan sai mai gyara ya zo da geji.

Abin da ya fi tayar min da hankali ma shi ne akasin haka: injin na ta gurnani, jiki sanyi ƙalau, ciki ba ƙanƙara. Galibi gas ya zube ko kwamfiresa ta daina bugawa.

Ina jin ƙyas, sai shiru, bayan minti kaɗan ta sake.

Kashe ta yanzu. Kwamfiresa ce ke son tashi ta kasa, ko wutar ta yi ƙasa ko rile, abin da ke tayar da ita, ya mutu. Ka bar ta haka za ta ƙone.

In zuba mata ruwa ta huce?

Kar ki soma, akwai waya a ƙasa. Buɗe taga ya fi.

Tana ɗan ja na in na taɓa ba takalmi.

Wannan ba zafi ba ne, wuta ce ke bin jikinta. Haka ma in fulog ya yi zafi ko kin ji ƙaurin roba. Zare daga soket, a hana yara zuwa wajen, a kira mai gyara yau ɗin nan.