Ragon suna ba ya biyan kuɗin asibiti da tsakar dare

Magidantan Daura da ƙauyukan kewaye, yau da ku nake. Ni ma'aikaciyar ɗakin haihuwa ce, kuma abin da zan faɗa na gaji da ganinsa.

Kwanaki aka kawo mana wata baiwar Allah wajen ƙarfe ɗaya na dare, ta kwana biyu tana naƙuda a gida. Da muka duba, jaririn a gicciye yake, sai an yi aiki. Na rubuta takarda na ce wa maigidan ya nemo mota a wuce da ita babban asibiti. Sai ya tsaya yana lalube aljihu, ya fito da dubu huɗu duk sun yamutse. Na ce, Malam, ba ka yi tanadi ba? Ya ce wallahi ya yi, ragonsa na nan ɗaure a gida tun wata uku da suka wuce, har atamfofin fitar suna ya saya.

Rago! Wane direba ne zai karɓi rago ya zuba wa mota mai? Ranar Talata ce, kasuwar Mai'aduwa kuwa sai Lahadi. Da gari ya waye wani maƙwabci ya saye ragon a wulaƙance, don ya ga idon mai shi ya rufe. Matar ta tashi, alhamdu lillahi, amma sai da aka yi awa uku ana buga ƙofofin mutane neman rance tana kwance tana jira.

Ban ce ba ku son matanku ba. Na ga yadda hannun mutumin nan ke rawa. Abin da ke ba ni haushi shi ne kuna yi wa rana ta bakwai tanadi ku manta da rana ta farko. Zazzaɓi da hatsarin mota su ne ba sa sallama. Ciki kuwa wata tara yana gaya muku yana tafe. Amma kuɗin sai su tafi wajen rago da goro da kayan barka da anko, duk don kada a ce wane ya gaza. Su masu cewa ɗin, ko ɗaya ban taɓa gani a bakin ɗakin tiyata ba.

Wani zai ce ai gwamnatin tarayya ta sanar tun a 2024 cewa aikin haihuwa kyauta ne ga mata marasa ƙarfi. Haka ne, kuma ku tambaya tun ranar awo ko asibitin da za a tura ku yana cikin shirin. Sai dai ko an ɗauke muku kuɗin aiki, mota tana kanku. Idan aka ce a wuce Katsina, tafiyar sama da awa guda ce, kuma farashin dare daban yake da na rana. Abincin mai jinya na kwanaki yana kanku, haka maganin da aka rubuta a sayo waje. Idan ana buƙatar jini, ko ƙaninka ne zai bayar, akan nemi kuɗin gwaji da na leda.

Mu yi lissafi. Ta fara awo ciki na wata uku, saura wata shida, kwana 180 ke nan. Ka riƙa jefa naira 500 a asusu kullum, ka tashi da naira 90,000. Wanda 200 yake iyawa zai tara 36,000, kuma ko ita ta isa ta fitar da mace daga gida a kan lokaci. Idan adashi kuke yi, ku roƙi uwar adashi ta sa kwasarku a wata na bakwai, domin kwasar da za ta zo bayan haihuwa a wajen suna za ta ƙare.

Sauran a taƙaice, don aiki na jirana:

Kada kuɗin duka su zauna a banki. Da dare masu POS sun tashi, sabis ma yakan ɗauke, ku ajiye rabi a hannu.

Matar ta san inda suke, kuma a ba ta izinin tafiya asibiti tun yanzu. Masu zuwa cin rani, da ku nake musamman.

Ku yi magana da mai mota tun wata na takwas, ku karɓi lambarsa, ku daidaita kuɗi.

Ku tsayar da mutum biyu da za su ba da jini.

Kuma kada a taɓa kuɗin nan don bikin kowa, ko an ce za a mayar. Idan Allah Ya sauke ta lafiya ba a kashe ko sisi ba, ga kasuwa nan, kwana shida sun ishe ka sayen rago.