Nawa ya kamata ka sayi hannun jarin kamfanin da yake cikin ganiyar bunƙasa?

Wani kawuna da ya yi ritaya daga koyarwa a nan Gombe ya same ni bayan la'asar da takarda a hannu. Dillalinsa na hannun jari ne ya ba shi shawarar ya sayi na wani kamfani da ake sayarwa naira 35 kowane ɗaya, kuma hujjar da ya kawo masa ita ce rabon ribar kamfanin yana ƙaruwa da kashi 25 cikin ɗari duk shekara. Ya ce mini, "Ɗana, kai da ka karanta lissafin kuɗi, wannan farashin ya yi ko an tsawwala?" Na ce, "Kawu, sai mun fara amsa wata tambaya. Wannan kashi 25 ɗin, shekara nawa zai yi yana tafiya?"

A kan wannan tambayar aka gina ƙa'idar da zan yi bayani. Ba gwamnati ce ta kafa ta ba, ƙa'idar lissafi ce da masu kimanta hannun jari suke aiki da ita. Tushenta yana cikin littafin da John Burr Williams ya fitar a 1938, inda ya ce darajar hannun jari ita ce jimillar duk rabon ribar da zai kawo nan gaba, bayan an mayar da kowanne zuwa ƙimarsa ta yau. Mayarwar nan ba baƙon abu ba ce ga duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Tudun Hatsi. Ka tambayi ɗan kasuwa ko ya yarda a ba shi naira dubu ɗari baɗi maimakon yau. Ba zai yarda ba, domin da kuɗin yana hannunsa da ya sayi masara da kaka ya juya ta. Idan juyin yana kawo masa kashi 20 cikin ɗari a shekara, to naira 120 ta baɗi daidai take da naira 100 ta yau a wurinsa. Saboda haka kuɗin da zai zo bayan shekara ɗaya ana raba shi da 1.2, na bayan shekara biyu da 1.2 sau 1.2, wato 1.44, na bayan uku da 1.728.

Matsalar ita ce kamfani ba shi da ranar ƙarewa, ba kuma za ka zauna kana lissafa rabon shekara ɗari ɗaya bayan ɗaya ba. Myron Gordon da Eli Shapiro ne suka yaɗa gajeriyar hanya a 1956: idan rabon yana ƙaruwa da kaso ɗaya tak har abada, duk jimillar tana dunƙulewa a wannan ɗan lissafin.

```
P = D1 / (r - g)
```

A nan P shi ne farashin hannun jarin, D1 rabon shekara mai zuwa, r ribar da mai saye yake nema a kan kuɗinsa, g kuma ƙaruwar rabon a kowace shekara. Na gwada wa kawu shi da alƙaluman dillalinsa. Rabon bana naira 2 ne, na baɗi zai zama naira 2.50, ribar da kawu yake nema kashi 20, ƙaruwa kashi 25. Ashirin a cire ashirin da biyar ya faɗa ƙasa da sifiri, farashin ya fito naira 50 ƙasa da sifiri, abin da ba shi da ma'ana. Lissafin yana aiki ne kawai idan g bai kai r ba. Kuma wannan gazawar tana nuna wata gaskiya: babu kamfanin da zai dawwama yana girma da kashi 25. Maraƙi yana ninka nauyinsa cikin watanni, amma bijimi ba ya yi. Kasuwa tana cika, abokan gasa suna shigowa, kuma kamfanin da ya ci gaba da wuce tattalin arzikin ƙasa a sauri har abada, wata rana sai ya fi ƙasar kanta girma.

Shi ya sa ake raba rayuwar kamfanin gida biyu. Zangon farko shi ne shekarun ganiya, waɗanda ake lissafa rabonsu ɗaya bayan ɗaya. Zango na biyu shi ne lokacin da kamfanin ya natsu, inda lissafin Gordon yake shigowa.

Muka ɗauka ganiyar za ta yi shekara uku, sannan ƙaruwar ta sauka zuwa kashi 10 ta zauna a nan. Waɗannan alƙaluman zato ne da muka yi a zaune, kuma zan dawo kan yadda ake tantance su. Rabon shekarar farko naira 2.50 ne, na biyu 3.13, na uku 3.91. Da muka mayar da su ƙimar yau, na farko ya zama 2.08, na biyu 2.17, na uku 2.26. Jimillarsu naira 6.51. Kawu ya ɗago kai ya ce, "Duk shekarun da ake ta kururutawa, abin da suka kawo ke nan?" Shi ke nan kuwa.

Sai zango na biyu, inda ya kamata a tafi a hankali. Ka ɗauka kana tsaye a ƙarshen shekara ta uku kana son sayar da hannun jarin. Mai saye a ranar ba zai ci rabon shekara ta uku ba, kai ka riga ka karɓe shi. Abin da yake hange shi ne na shekara ta huɗu, wanda ya ƙaru da kashi 10 kawai: 3.91 ya zama kusan 4.30. Raba wannan da bambancin kashi 20 da kashi 10, wato 0.10, sai ka sami naira 42.97 idan ba a yanke wutsiyar alƙaluma ba. Wannan shi ne farashin hannun jarin a ƙarshen shekara ta uku. Tunda shekara uku ce tsakaninka da wannan kuɗin, sai a raba shi da 1.728, ya zama naira 24.87. Idan aka haɗa na zangon farko da na biyu, sai a sami P0, wato ƙimar hannun jarin a yau.

```
P0 = 6.51 + 24.87 = 31.38
```

Bisa zatonmu, hannun jarin ya kai naira 31.38, ana kuma sayar da shi 35. Ban da haka, a Nijeriya ana cire harajin kashi 10 cikin ɗari daga rabon riba kafin ya shigo asusun mutum, don haka idan kashi 20 ɗin da kawu yake nema tsabarsa yake so ya gani a hannu, ƙimar ta sauka zuwa wajen naira 28.24.

A wannan gaɓar ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe, har da wasu da suka daɗe a aikin. Wani yakan ga tunda rabon shekara ta huɗu aka yi amfani da shi, sai ya mayar da 42.97 baya da shekara huɗu, ya ƙare da naira 27.24. Kuskure ne, domin lissafin Gordon yana ba da farashin shekarar da take gab da rabon da aka sa a ciki. Wani kuma yakan sa rabon shekara ta uku kai tsaye ba tare da ƙara masa kashi 10 ba, ya sami 29.12. Mafi muni shi ne wanda ya manta da mayarwar baki ɗaya ya tara 42.97 a kan 6.51, ya fito da kusan naira 49 da rabi, ya ɗauka ya tsinci dami a kala.

Amma abin da ya fi damuna a wannan ƙa'idar ba kuskuren alƙalami ba ne. Duba inda nauyin ya kwanta. Daga cikin naira 31.38, naira 24.87 daga zango na biyu ta fito, kusan kashi huɗu cikin biyar. Dillali yana tallata maka shekarun ganiya, alhali yawancin abin da kake biya na shekarun da ba wanda ya gan su ne, kuma duka yana rataye a kan tazarar da ke tsakanin r da g. Na canja wa kawu ƙaruwar dindindin daga kashi 10 zuwa 12, ban taɓa komai ba, ƙimar ta tashi zuwa naira 38.16, hannun jarin da ya yi tsada ɗazu ya koma araha. Da na kai ta 15 sai ta zama 58.51. Na mayar da ita 10 na ɗaga ribar da ake nema zuwa kashi 22, ta faɗo 26.02. Duk mai son ya sa ka saya, ba sai ya yi ƙarya a kan rabon bana ba. Maki biyu kawai zai ƙara a wurin da ba ka kallo.

To ta yaya ake kame waɗannan alƙaluman? Ƙaruwar dindindin ba ta wuce saurin da tattalin arzikin ƙasa zai iya riƙewa na dogon lokaci, wato ainihin bunƙasarsa haɗe da hauhawar farashi. Kada a ɗauki hauhawar shekara mai tsanani a shimfiɗa ta har abada. Ita kuwa ribar da ake nema, ana farawa ne daga abin da gwamnatin tarayya take biya a kan takardun bashinta, sannan a ƙara ladan kasadar da ke cikin kamfani. Sukuk, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100 na tsawon shekara bakwai, kashi 16.47 ya riƙa biya. Wanda yake iya samun irin wannan daga gwamnati ba shi da dalilin karɓar ƙasa da shi daga kamfanin da zai iya wayar gari bai raba komai ba, don kamfani daga ribarsa yake rabo, ba bashi ba ne a kansa. Sai a duba abin da takardun gwamnati suke biya a ranar da ake lissafin. Dole kuma r da g su kasance da kuɗi iri ɗaya: ɗauko r daga littafin Amurka mai lissafin dala, a haɗa da g ta naira, yana matse tazarar ya kumbura farashin.

Shi ma kashi 25 ɗin yana da ma'auni. Kamfani yana girma ne da ribar da ya riƙe bai raba ba, kuma ƙaruwar da zai iya ɗorewa a kai ita ce kason da ya riƙe a ninka da ribar da jarin masu shi yake haifarwa. Wanda yake riƙe kashi 70 na ribarsa sai jarinsa ya haifi kusan kashi 36 kafin ya girma da 25. Idan rahoton shekara ya nuna jarin kashi 18 yake haifarwa amma rabon yana tsalle da 25, to akwai yiwuwar kason da ake rabawa ne yake faɗaɗa, kuma wannan yana da iyaka, tunda ba a daɗe ana raba abin da ya fi ribar da aka samu. Akasin haka ma yana faruwa: kamfanin da ya natsu ba ya buƙatar riƙe riba mai yawa, sai ya saki kaso mafi girma, rabon shekara ta huɗu ya fi wanda muka lissafa. Mu ba mu sa wannan a namu ba, don haka ta wannan fuskar mun ɗan matse wa kamfanin.

Akwai kuma rauni a jikin ƙa'idar kanta. Ta ɗauka ƙaruwa tana faɗowa daga 25 zuwa 10 dare ɗaya, alhali a zahiri sannu a hankali take sauka. Don haka wasu suke sa zango na uku a tsakiya. Ta fi dacewa da kamfanonin da suka saba rabo a kai a kai, ba ta da amfani sosai ga wanda bai taɓa rabawa ba ko mai rabawa bana ya tsallake baɗi.

Kafin kawu ya tashi mun juya lissafin ta baya, muka tambayi abin da naira 35 take buƙata. A kan ganiyar shekara uku da ribar kashi 20, sai ƙaruwar dindindin ta ɗan haura kashi 11 kafin farashin ya tsaya da ƙafarsa, kafin ma a cire haraji. Ya rubuta wannan a bayan takardarsa, ya ce zai nemi rahoton kamfanin na shekara biyar da suka wuce ya ga nawa yake riƙewa da nawa jarinsa yake haifarwa.