Amincewa da taƙaita manufa a kare bayanan masu amfani da manhajar waya

Amincewa da taƙaita manufa ƙa'idoji biyu ne na dokokin kare bayanan mutane. Amincewa ita ce yardar da mutum ya bayar da kansa, bayan an yi masa bayani, cewa a yi wani takamaiman aiki da bayanansa. Taƙaita manufa kuwa na nufin bayanin da aka karɓa don wani dalili ba za a karkatar da shi zuwa wani aikin da bai dace da dalilin farko ba. Ga mai gina manhajar waya, tare suke tafiya, domin a idon doka mutum yana yarda ne da aikin da za a yi da lambar wayarsa ko wurin da yake, kuma kowane aiki da tasa yardar.

## Asali a doka

Ƙa'idar fayyace manufa ta bayyana a jagororin ƙungiyar OECD na 1980 da yarjejeniyar Majalisar Turai mai lamba 108 ta 1981. Siffar da aka fi sani yanzu tana cikin dokar GDPR ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018. Sashe na 5(1)(b) ya ce a tara bayanai don manufofi takamaimai, bayyanannu, halastattu. Sashe na 4(11) ya gindaya wa amincewa sharuɗɗa huɗu: a ba da ita bisa son rai, ta shafi abu takamaimai, ta biyo bayan bayani, kuma ta zo ta hanyar wani aiki da ba shakka a cikinsa. Dokar tana hawa kan manhajar da aka gina a wajen Turai ma, matuƙar tana neman masu amfani da ke cikin Tarayyar.

A Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta bi wannan sahu: sashe na 24 ya ƙunshi taƙaita manufa, sashe na 26 ya yi maganar amincewa, hukumar NDPC ce kuma ke sa ido. Nijar na da tata hukumar kare bayanai, HAPDP, Gana kuma na da dokarta tun 2012.

## Izinin waya ba shi ne amincewa ba

Kuskuren da ya fi yawa a nan yake. Tun daga Android 6.0 na 2015, manhaja kan nemi izinin kyamara ko wuri a lokacin da take aiki, sai ƙaramin akwati ya fito, mutum ya danna. Masu gina manhaja da dama na ɗaukar wannan dannawa a matsayin amincewa, alhali akwatin bai faɗi wanda zai karɓi bayanin ba, bai faɗi abin da za a yi da shi ba, bai kuma faɗi tsawon lokacin da za a ajiye shi ba. Izinin yana buɗe wa manhaja ƙofa ne kawai a cikin wayar.

Ga misali. Manhajar kai abinci gida tana neman `ACCESS_FINE_LOCATION`, wato izinin sanin ainihin wurin da mutum yake, kuma a cikinta ana amfani da wurin mutum ta hanyoyi uku: a nuna wa ɗan aike inda zai kai saƙo, a ƙididdige unguwannin da suka fi yin oda, sannan a aika wurin tare da lambar talla ta wayar, wato lambar da masu talla ke gane kowace waya da ita, ga kamfanin tallace-tallace. Izini ɗaya ne, amma manufofi uku ne, kuma kowace sai an samo mata nata dalilin a doka.

GDPR ta lissafa dalilai shida a sashe na 6, amincewa ɗaya ce kawai daga cikinsu. Kai abinci ba ya buƙatar amincewa, domin cika yarjejeniyar ciniki ne; wanda ya yi oda dole a san inda za a kai masa. Neman amincewa a nan ma ɓata lissafi ne, don idan mutum ya janye ta alhali ɗan aike na kan hanya, kamfani ya ɗaure kansa da kansa. Duk da haka, wanda ya hana izinin wuri ya kamata a bar shi ya rubuta adireshinsa da hannu. Ƙididdigar unguwanni tana iya tsayawa a kan halastacciyar buƙatar kamfani idan daga odar da ke sabarsa, wato kwamfutar da ke ajiye masa bayanai, aka fitar da ita, aka kuma dunƙule ta yadda ba a gane mutum ɗaya. Aika wuri ga kamfanin talla kuwa ba shi da mafita sai amincewa, kuma wanda ya ƙi dole ya iya sayen abincinsa kamar kowa. Sashe na 7(4) ne ke zargin duk yardar da aka ɗaura wa hidimar da ba ta buƙatarta.

## Yadda allon amincewa ya kamata ya kasance

Kowace manufa da nata maɓallin, kuma duk a kashe suke tun farko. Kotun Tarayyar Turai ta yanke a shari'ar Planet49, ranar 1 ga Oktoba 2019, cewa akwatin da aka riga aka yi wa alama ba amincewa ba ne. Kafin nan, a Janairun 2019, hukumar CNIL ta Faransa ta ci Google tarar yuro miliyan 50 kan yadda ake buɗe asusu a wayar Android: an warwatsa bayanin a shafuka da yawa, an riga an yi wa zaɓin talla alama, an kuma haɗe manufofi duka a ƙarƙashin yarda ɗaya. Dokar Najeriya ma ta ce shiru ko rashin yin komai ba amincewa ba ne.

Rubutun ya zama gajere kuma ya faɗi abin da ake yi. «Don inganta hidimarmu» ba manufa ba ce, don babu abin da ba zai shige cikinta ba. «Za mu aika wurin da kake da lambar tallan wayarka ga kamfani kaza domin ya zaɓar maka talla» ita ce manufa. Maɓallin ƙi ya zauna a allo ɗaya da na yarda, girmansu ɗaya. Idan kuma masu amfani da manhajar Hausa suke ji, allon da aka rubuta da Turancin lauyoyi da wuya a ce ya yi musu bayani.

## Inda abin ke lalacewa a cikin kod

Allo na iya yin kyau, amma bayanai sun riga sun fita kafin ya bayyana. Dalilin shi ne SDK, wato kayan aikin wasu kamfanoni da ake cusawa cikin manhaja don ƙididdiga, talla ko rahoton matsala. A Android da yawansu kan tayar da kansu ta `ContentProvider`, wanda ke farawa tun kafin `Application.onCreate()`. Firebase Analytics haka yake, kuma yana fara tara bayanai da kansa idan ba a hana shi ba. Ana kashe shi a `AndroidManifest.xml`:

```xml
<meta-data
    android:name="firebase_analytics_collection_enabled"
    android:value="false" />
```

Sai bayan mutum ya yarda a kunna shi:

```kotlin
FirebaseAnalytics.getInstance(this)
    .setAnalyticsCollectionEnabled(true)
```

SDK na Facebook yana da irin wannan saiti, `com.facebook.sdk.AutoLogAppEventsEnabled`. Hanyar tabbatarwa ita ce gwaji: a goge manhajar, a sake saka ta, a bi da zirga-zirgarta ta `mitmproxy`, kayan aikin da ke nuna saƙonnin da manhaja ke aikawa ta intanet, a buɗe ta ba tare da taɓa komai ba. Duk saƙon da ya tafi zuwa sabar talla ko ƙididdiga a wannan lokacin ya fita ba tare da amincewa ba. Sai a danna ƙi a sake dubawa. Yana da kyau kuma a leƙa shafin `Merged Manifest` a Android Studio, domin SDK kan shigo da izinin da mai manhaja bai taɓa rubutawa ba.

A iOS, tun daga 14.5 na Afrilun 2021, manhaja ba ta samun lambar talla sai ta nuna akwatin App Tracking Transparency. Wannan sharaɗin Apple ne, bai ɗauke wa kowa na doka ba.

## Shaida da janyewa

Nauyin tabbatar da cewa an samu amincewa yana wuyan kamfani, a GDPR da dokar Najeriya duka. Alamar `true` guda a cikin wayar ba shaida ba ce, tana ɓacewa da an goge manhaja. Abin da ake ajiyewa a saba shi ne lambar mai amfani, manufar, zaɓinsa, lokacin da ya yi shi, da sigar rubutun da ya gani. Sigar tana da amfani ranar da aka sauya manufa, don da ita za a san waɗanda yardarsu ta tsufa. Kada a goge tsohon layi idan mutum ya sauya ra'ayi, a ƙara sabo.

Janyewa kuma dole ta yi sauƙi kamar bayarwa, in ji sashe na 7(3) na GDPR. Idan danna ɗaya aka yi aka yarda, ba za a ce sai an aiko imel kafin a janye ba. Janyewar ba ta haramta abin da aka yi a baya, amma tana tsayar da na gaba, kuma dole ta isa ko'ina: SDK da ke cikin wayar, ayyukan da saba ke yi cikin dare, da jerin sunayen da aka riga aka tura wa kamfanin talla. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa.

## Idan sabuwar manufa ta taso

A koma ga manhajar abincin. Bayan shekara guda, kamfanin ya so ya fara ba da bashi, ya kuma ga cewa tarihin oda da unguwar mutum za su nuna ƙarfin aljihunsa. Bayanan na nan a rumbu, babu abin da zai hana a fasahance. Sashe na 6(4) na GDPR ya ba da ma'auni biyar: alaƙar tsohuwar manufa da sabuwa, yanayin da aka karɓi bayanin, irin bayanin, illar da za ta iya samun mutum, da kariyar da aka tanada. Yin amfani da tarihin oda don gano odar bogi yana iya tsallake wannan ma'auni, domin mai saye zai yi tsammaninsa. Auna cancantar bashi ba zai tsallake ba: wanda ya sayi shinkafa bai san ana auna shi ba, sakamakon kuma na iya hana shi kuɗi. Idan kuwa tun asali a kan amincewa aka karɓi bayanin, sabuwar manufa sai da sabuwar amincewa.

Manhajojin bashi a Najeriya sun nuna ƙarshen wannan hanya, inda aka riƙa kwashe lambobin da ke wayar mai cin bashi ana aika wa 'yan'uwa da abokansa saƙon tozarci. Mutanen nan ba su taɓa yarda da komai ba, kuma mai wayar ba shi da ikon yarda a madadinsu. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Najeriya, NITDA, ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 kan irin wannan, kuma daga 31 ga Mayu 2023 Google Play ya hana manhajojin bashi neman izini irin su `READ_CONTACTS`. Manhajar da ke buƙatar lamba ɗaya kawai, misali ta wanda za a kai wa abinci, tana iya buɗe jerin lambobin wayar da `Intent.ACTION_PICK`, mutum ya zaɓi ɗaya, ba tare da an nemi izinin karanta sauran ba.

A cikin saba, ana tsare manufa ne ta hanyar raba bayanai: teburin kai saƙo daban, na talla daban, kowane da nasa masu ikon shiga da wa'adin gogewa. Tarar karya waɗannan ƙa'idoji a GDPR tana kaiwa yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara a duniya, duk wanda ya fi yawa. A Najeriya, ga manyan masu sarrafa bayanai, naira miliyan 10 ce ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, shi ma duk wanda ya fi yawa.