Ma'anar ajiyar kabon a ƙasar noma da yadda ake lissafa ta a kan hekta

A rahotannin binciken ƙasa da takardun ayyukan farfaɗo da gonaki ana yawan cin karo da jumla irin wannan: ƙasar wuri kaza tana ɗauke da tan kaza na kabon a kowace hekta. Abin da ake nufi da ajiyar kabon shi ne nauyin sinadarin kabon da ke cikin ruɓaɓɓun halittu, wato ragowar saiwoyi da ganye da kara da taki da ƙananan halittun ƙasa, a cikin faɗin hekta ɗaya zuwa wani zurfi da aka ƙayyade, wanda galibi santimita 30 ne bisa ƙa'idar kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya. Wannan adadi ba a auna shi kai tsaye. Ana fitar da shi ne ta hanyar ninka abubuwa uku: kason kabon cikin ɗari, da nauyin ƙasar gwargwadon girmanta, da zurfin da aka haƙa. Na farko a ɗakin gwaji ake samunsa, sauran biyun kuma daga gona suke fitowa, kuma kuskure a kowane ɗayansu yana bin lissafin har ƙarshe.

Ruɓaɓɓun halittu da kabon ba abu ɗaya ba ne, domin kabon wani ɓangare ne kawai na nauyinsu. An daɗe ana ɗauka cewa kabon shi ne kashi 58 cikin ɗari na ruɓaɓɓun halittu, daga nan ne aka sami lambar 1.724 da ake raba kason ruɓaɓɓun halittu da ita don a fitar da kason kabon. Masana da yawa na ganin cewa lambar 2 ta fi kusa da gaskiya a nau'o'in ƙasar noma masu yawa, saboda haka wajibi ne rahoto ya faɗi lambar da ya yi aiki da ita.

Kafin kowane gwaji ana shanya samfurin a inuwa, a tsince saiwoyin da ido ke gani, a murƙushe shi, sannan a tankaɗe da rariya mai ƙofofin milimita 2. A gonar da aka yi wa kunya, inda manomi ya tara ƙasar sama da taki a kan tudun kunyar ya bar kwarin, samfurin da aka ɗebo daga tudu kaɗai zai nuna kabon fiye da na gonar, don haka ake ɗebowa daga wurare da dama a gauraya.

Hanya ta farko ta gano kason kabon ita ce ta ƙonawa, wadda ta fi sauƙi da arha. Ana busar da ƙasar a tanda a kan digiri 105 har ruwan da ke jikinta ya fita, a auna ta a cikin ɗan kaskon tangaran, a sa ta a tanderu mai tsananin zafi na wasu sa'o'i, a bar ta ta huce a cikin rufaffen mazubi mai hana ta shan raɓa, sannan a sake aunawa. Nauyin da ya ragu shi ake ɗauka a matsayin ruɓaɓɓun halittun da suka ƙone. Wasu ɗakunan gwaji suna ƙonawa a kan digiri 360 na sa'o'i 2, wasu kuma suna kaiwa digiri 550. Matsalar ita ce ma'auni ba ya sanin abin da ya fita daga kaskon, iyakarsa ya nuna cewa nauyi ya ragu. Yumɓu yana riƙe da ruwa a cikin ginin ƙwayoyinsa wanda digiri 105 ba ya fitarwa, kuma irin yumɓun da ya fi yawa a ƙasashen tudu na yankinmu, wato kawolin, yana sakin ruwan da ya kai kusan kashi 14 cikin ɗari na nauyinsa idan zafi ya haura digiri 450. Wani nau'in tsatsar ƙarfen da ke cikin ƙasa shi ma yana sakin nasa ruwan tun kafin a kai wannan zafi. A ƙasar dausayi mai yalwar ruɓaɓɓun halittu wannan ƙari ba ya da wani tasiri, amma a ƙasar jigawa ta Kano ko Katsina ko Maraɗi, inda kabon sau da yawa ba ya kai kashi 1 cikin ɗari, ruwan yumɓun yana iya kai nauyin abin da ake nema.

Hanya ta biyu ita ce ta narkarwa da sinadari, wadda Walkley da Black suka wallafa a 1934, kuma har yau ita ce aka fi amfani da ita a ɗakunan gwajin ƙasa na Afirka ta Yamma. Ana zuba giram 1 na niƙaƙƙiyar ƙasa a kwalbar gwaji, a ƙara mililita 10 na ruwan K2Cr2O7 mai ƙarfin 1 N, wanda launinsa ruwan lemo ne, sannan a zuba mililita 20 na tsantsar asid H2SO4, a girgiza a hankali, a ajiye na minti 30. Zafin da haɗuwar asid da ruwa ke haifarwa shi ne yake tafiyar da aikin, inda sinadarin K2Cr2O7 ke cinye kabon gwargwadon yawansa. Bayan an sirka da ruwa kimanin mililita 200, sai a riƙa ɗiga ruwan FeSO4 mai ƙarfin 0.5 N har sai launi ya juya, domin a gano adadin sinadarin da ya yi saura. Ana yin irin wannan a wata kwalba da babu ƙasa a cikinta, kuma bambancin da ke tsakanin kwalaben biyu shi ne ma'aunin kabon. Idan ruwan ya koma kore tun lokacin da aka zuba asid, alama ce cewa kabon ya fi ƙarfin sinadarin, sai a sake gwajin da ƙasa kaɗan.

```
%C = (B − S) × N × 0.003 × 1.3 × 100 / W
```

A nan B shi ne mililitan ruwan FeSO4 da kwalbar da babu ƙasa ta sha, S na kwalbar samfur, N ƙarfin ruwan FeSO4, W kuma nauyin ƙasar a giram. Lambar 1.3 tana nan ne saboda zafin asid ba ya isa ya cinye kabon duka, abin da ake samu kusan kashi 77 cikin ɗari ne, sai a cike giɓin da lissafi. Wannan lamba matsakaiciya ce, ba kowace ƙasa take yi wa daidai ba. Gonakin kewayen gari da ake kai musu shara mai toka da garin gawayi suna da kabon da sinadarin ba ya iya cinyewa sosai, don haka gwajin yakan nuna ƙasa da abin da ke akwai. A ƙasa mai gishiri kuwa, ko ƙasar fadama da ta daɗe a cikin ruwa ba a shanya ta da kyau ba, sinadarin yana cinye abubuwan da ba kabon ba, sakamakon ya haura gaskiya. Ruwan da ya saura bayan gwajin guba ne, ba a zubar da shi a kwata.

Abu na biyu a lissafin, wato nauyin ƙasa gwargwadon girmanta, shi aka fi yi wa sakaci. Ana kafa zoben ƙarfe mai cin 100 cm³ a cikin ƙasar yadda take, ba tare da an danne ta ko an sassauta ta ba, a tono shi, a aske baki da gindi da wuƙa, a busar da abin da ke ciki a kan digiri 105, a auna. Idan busasshiyar ƙasar ta yi giram 150, nauyinta 1.50 g/cm³ ke nan. Da wannan a hannu lissafin ajiyar ba shi da wuya:

```
t C/ha = %C × BD × D × (1 − G)
```

BD shi ne nauyin da aka auna da zobe, D kaurin shimfiɗar ƙasar a santimita, G kuma rabon girman da tsakuwa ko marmara ta mamaye, domin dutse ba ya ɗauke da kabon irin wanda ake nema.

A ɗauki misalin gonar gero mai rairayi wadda ba ta da tsakuwa, an ɗebi samfur daga sama zuwa santimita 15, da kuma daga 15 zuwa 30. A samfurin sama, kwalbar da babu ƙasa ta sha mililita 20.0, ta samfur ta sha 17.6. Bambancin 2.4 ne, wanda ya ba da kashi 0.36 cikin ɗari kafin gyara, da kashi 0.47 bayan an ninka da 1.3. Tunda nauyin ƙasar 1.50 ne, ajiyar wannan shimfiɗa ita ce 0.47 sau 1.50 sau 15, wato tan 10.6 a hekta. Shimfiɗa ta biyu ta nuna kashi 0.28 da nauyin 1.55, abin da ya ba da tan 6.5. Jimillar ajiyar gonar zuwa santimita 30 ta zama tan 17.1 na kabon a hekta. Wanda yake son adadin a matsayin iskar CO2 sai ya ninka da 3.67, ya sami kusan tan 63.

Yanzu a ce an kai wannan samfurin sama ɗin wani ɗakin gwaji da ke ƙonawa a kan digiri 550. A cikin giram 10 na ƙasar, ruɓaɓɓun halittu ba su wuce giram 0.08 ba. Idan kawolin ya kai kashi 6 cikin ɗari na ƙasar, wanda ba wani yawa ba ne, ruwan da zai saki shi ma kusan giram 0.08 ne. Ma'auni zai nuna raguwar giram 0.16, wato kashi 1.6 cikin ɗari, a raba da 1.724 a sami kabon kashi 0.93, ajiyar kuma ta tashi tan 20.9. Wani ɗakin gwajin da ya bi hanyar sinadari amma bai sa lambar 1.3 ba zai rubuta tan 8.1. Shimfiɗa ɗaya ce ta gona ɗaya, amma ga adadi uku, 8.1 da 10.6 da 20.9, kuma kowanne zai iya fitowa a kan takarda mai hatimi. Saboda haka, a ganina, hanyar ƙonawa ba ta dace da ƙasashenmu masu ƙarancin kabon ba, sai idan an rage zafin zuwa wajen digiri 360 kuma an gwada wasu daga cikin samfuran da na'urar da ke ƙona ƙasa tana auna iskar CO2 da ta fito, a yi amfani da su wajen daidaita sauran. Ita ma wannan na'ura tana buƙatar kulawa a ƙasa mai farar ƙasa a ciki, wadda ake ganewa idan an ɗiga mata asid ta yi kumfa, domin za ta haɗa kabon na dutse da na ruɓaɓɓun halittu.

Akwai kuma ruɗin da ke zuwa idan ana kwatanta shekara da shekara. A ce bayan wasu shekaru shanu ko tarakta sun tattake gonar har nauyin shimfiɗar sama ya tashi daga 1.50 zuwa 1.60, alhali kason kabon yana nan a 0.47. Lissafi zai ba da tan 11.3 maimakon 10.6, kamar an ƙaru da tan 0.7, alhali abin da ya faru kawai shi ne santimita 15 ɗin yanzu sun ƙunshi tan 2,400 na ƙasa maimakon tan 2,250. Maganin wannan shi ne a kwatanta kabon da ke cikin nauyin ƙasa iri ɗaya a lokutan biyu, wato a lissafa kabon da ke cikin tan 2,250 na sama a duka gwaje-gwajen, ko da zurfin da ya ƙunshe su ya canza. Hakan ba ya yiwuwa sai an sake auna nauyin ƙasar da zobe a kowane zagaye, an ɗebi samfur shimfiɗa-shimfiɗa, kuma an riƙe ɗakin gwaji ɗaya da hanya ɗaya tun daga gwajin farko.