Ƙidayar kwanakin zama a kan biza

Ƙidayar kwanakin zama ita ce hanyar da hukumar shige da fice ke bi wajen lissafa tsawon lokacin da aka yarje wa baƙo ya zauna a ƙasa. Kowace ƙasa da nata tsari. Inda suka fi saɓawa shi ne matsayin ranar shiga, wato ko ana saka ta a lissafi ko sai washegari ake fara ƙirga. Tsarin yankin Shengen na Turai, mai ƙasashe 29, shi ya fi rikitar da matafiya, don haka a kansa wannan maƙala ta fi tsayawa.

Wa'adin biza daban, kwanakin zama daban

A jikin takardar bizar Shengen da ake mannawa a fasfo akwai FROM da UNTIL, waɗanda ke nuna ranar da bizar ta fara aiki da ranar da za ta daina. Akwai kuma DURATION OF STAY, wato adadin kwanakin da aka yarda mutum ya yi a cikin wannan tsakani. Ofishin jakadanci kan ƙara kwana 15 a kan wa'adin bizar shiga sau ɗaya saboda tafiya na iya ɗagawa, sai a ga biza mai wa'adin kwana 30 amma kwanakin zamanta 15 ne kacal. Ƙarin bai ba mutum damar tsawaita zamansa ba. Dole ya fita a duk wadda ta riga zuwa: ranar da kwanakinsa suka cika, ko ranar da bizar ta ƙare.

Ranar shiga da ranar fita

Sashe na 6 na dokar iyakokin Shengen, mai lamba 2016/399, ya ce ranar shiga ita ce ranar farko ta zama, ranar fita kuma ita ce ta ƙarshe. Dukansu biyu ana ƙirga su a matsayin cikakkun kwanaki, ba a duban agogo. Wanda ya wuce gaban jami'in iyaka da ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare ya ci kwana guda a cikin rabin awa. Wanda ya fita da ƙarfe ɗaya na dare ma, sabuwar ranar ta hau kansa.

Kalmar "kwana" da kanta tana iya ruɗar mutum a nan, domin mun saba ƙirga kwana da daren da aka yi barci. Hukuma ba dare take ƙirgawa ba, ranakun kalanda take bi. Mai kwana 15 da ya shiga ranar 3 ga Maris, ranarsa ta ƙarshe ita ce 17 ga Maris. Idan ya tara 3 da 15 ya sayi tikitin 18 ga wata, ya zarce da kwana ɗaya. Lissafin da ba ya kuskure shi ne a ɗebe ranar shiga daga ranar fita, sannan a ƙara ɗaya.

Ranar shiga kuwa ita ce ranar da aka duba fasfo a iyakar farko. Wanda zai je Lisbon amma ya canza jirgi a Frankfurt, a Frankfurt ya shiga yankin. Zirga-zirga tsakanin ƙasashen yankin ba ta sabunta lissafi, duk kwanakin a asusu ɗaya suke taruwa.

Kwana 90 a cikin 180

Mai bizar shiga sau da yawa, wadda aka rubuta wa MULT, ba zai wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180 ba. Tun ranar 18 ga Oktoba 2013 wannan 180 ɗin ba shi da kafaffiyar ranar farawa. A kowace ranar da mutum yake cikin yankin, ana waiwayawa baya kwana 180, har da ita ranar, a ƙirga nawa ya yi a ciki. Don haka iyakar bayan tana matsowa kullum, tsofaffin kwanaki suna zubewa ɗaya bayan ɗaya.

A ɗauki wani ɗan kasuwa a shekarar 2025. Ya shiga ranar 10 ga Janairu ya fita 8 ga Fabrairu: kwana 22 a Janairu, 8 a Fabrairu, jimla 30. Ya sake shiga 1 ga Afrilu ya fita 30 ga Mayu, kwana 60 ke nan. Kwanakinsa 90 sun cika, ko da kuwa bizarsa tana da sauran shekara guda.

Yaushe zai iya komawa? Sai ranar farko ta tafiyarsa ta farko, 10 ga Janairu, ta fice daga cikin kwana 180 na baya. Hakan na faruwa ranar 9 ga Yuli, domin in aka waiwaya daga ita, lissafin zai tsaya ne a kan 11 ga Janairu. A ranar yana da tsofaffin kwanaki 89, ita kanta ta cika 90. Washegari wani tsohon kwana zai zube, sabo ya maye gurbinsa, haka har kwanaki 30 na tafiyar farko su ƙare, wato ranar 7 ga Agusta. Ran 8 ga Agusta babu sauran abin da zai zube, domin daga 9 ga Fabrairu zuwa ƙarshen Maris ba ya cikin yankin, kwanakin Afrilu kuma ba za su fara zubewa ba sai 28 ga Satumba. In ya kai ranar 8, ya shiga kwana na 91.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a zaci da zarar an cika kwana 180 daga shigar farko, an samu sabon kwana 90. Ɗan kasuwar nan 30 kawai ya samu. Wanda yake son cikakken 90 a jere ba tare da dogon lissafi ba, sai ya yi kwana 90 a jere a wajen yankin. Kwanakin da aka yi da takardar izinin zama ko bizar dogon zama ba sa shiga wannan ƙidaya.

Shekara da shekaru hatimin fasfo ne hujjar ranakun, shi ya sa hatimin da ya dushe ko wanda jami'i ya manta bai buga ba yake jawo tambayoyi, har a nemi matafiyi ya kawo tikiti ko wata shaida. Daga 12 ga Oktoba 2025 aka fara aiki da tsarin na'ura mai suna EES, wanda ke ajiye ranar shiga da fita tare da hoton fuska da zanen yatsu, yana kuma yin lissafin da kansa.

A wasu ƙasashe

Sin ba ta ƙirga ranar shiga. Lissafinta yana farawa ne da tsakar daren da ya biyo baya, saboda haka mai kwana 30 da ya shiga 1 ga wata yana da har zuwa 31.

Amurka kuwa ta raba biza da zama gaba ɗaya. Biza izinin isowa bakin iyaka ce kawai, jami'in da ya karɓi mutum shi ke yanke ranar fita, a rubuta ta a takardar I-94. Biza na iya ƙarewa mutum yana ciki bai karya doka ba, muddin ranar I-94 ba ta wuce ba. Wanda ya zarce ta da fiye da kwana 180 sannan ya fita, ana hana shi dawowa shekara 3. In zarcewar ta kai shekara guda, hanin ya zama shekara 10.